Kifin da ke barci ƙarƙashin hanya

Ina aji shida a lakwal, wato firamare, lokacin da aka ba kawuna, ma'aikacin gandun daji a Diffa, aikin rubuta babi guda na rahoton hanyar da za a fasa cikin daji wajen Toumour. Aikinsa ya lissafa duk abin da ke raye a wurin tun kafin katafila ta shiga. Abin da bai shiga babin ba, injiniyoyi ba za su kauce masa ba.

Da bazara ya zaga dajin. Wata la'asar yana karanta wa kakata abin da ya rubuta, ina gefe ina ji: bagaruwa, aduwa, goriba, zomo, zabin daji, sai wani kwari busasshe, babu abin lura.

"Babu abin lura?" in ji kakata. "Kai da takardunka! Can ubanka yake haƙo gaiwa."

"Kifi a busasshiyar ƙasa, Inna? Sai na gani zan rubuta."

Ranar Lahadi muka tafi. Kakata ta nuna wani ɗan rami kamar bakin kwalba a tsattsagaggiyar laka. Kawu ya haƙa a hankali, ya ɗago dunƙule. A ciki kifi ne naɗe, wutsiya a kan fuska, cikin wata fata siririya kamar ɓawon albasa. Yana numfashi.

Kawu ya daɗe a tsugune. Sannan ya soke layin da ya rubuta kan kwarin, ya rubuta tabkin damina, a dawo a ƙirga abin da ke raye ciki bayan ruwa ya sauka, kafin a kafa turakun hanya.