Hancin Baba Filasta

Duk wanda ya shiga falon yayata, kafin a kawo masa ruwa idonsa zai sauka a kan hoton da ke saman talabijin. Babbar 'yarsu ce a tsakiya da rigar kammala jami'a, uwarta a dama tana murmushin dole. A hagu kuwa ga mijin yayata, tela, cikin rigar da ya kwana uku yana ɗinka wa kansa, da filasta fari fat a gicciye a ƙofar hancinsa, auduga na leƙowa ta ƙasa. Tun ranar sunansa na yanka ya ɓace a layinmu, kowa Baba Filasta yake ce masa.

Ga yadda abin ya faru. Da safiyar ranar ya tsaya gaban madubin shagonsa yana gyara hula, sai ya hango gashi guda uku sun leƙo daga hancinsa. To shi mutum ne da ba ya iya ganin zare a waje ya ƙyale. Ko a jikin rigar baƙo ya ga zare na reto, sai ya tsayar da gaisuwa ya cire shi tukun. A ƙa'idar aikinsa kuwa, zare ana kama shi ne da yatsa biyu, a ja shi ya miƙe, a datse shi daga gindi yadda ko alamarsa ba za a gani ba. Haka ya yi wa gashin. Ya kama, ya ja, ya zura ɗan almakashinsa na yanke zare mai tsini kamar bakin allura. Abin da ya manta shi ne yadi ba ya atishawa. Jan gashin ya ɗago fatar, ya kuma tayar da atishawa, kai ya zo gaba, almakashi ya rufe. Cikin hanci wuri ne mai saurin jini. Sai da aka ɓata tawul guda da rabin sa'a ana matse masa hanci kafin ya tsaya, mota na jira a waje, 'yar tana kuka.

Ba a fi taku goma ba tsakanin shagonsa da na wani mai aski. Bango ɗaya suka haɗa, shekara ashirin da wani abu, amma in ka ji yadda suke maganar juna sai ka ce gado aka raba ba daidai ba. A wurin Baba Filasta aski ba sana'a ba ce.

“Wai aiki ke nan?” haka yake cewa, ƙafarsa na kan keken ɗinki. “Ni in na yi kuskuren yanka, yadi ya tafi har abada. Shi in ya yi kuskure, sati biyu Allah ya rufa masa asiri, gashi ya tsiro. Sana'ar da akuya ma ke yi wa ciyawa!”

Kansa kuwa da kansa yake askewa, da reza, a bayan gida.

Ranar filasta mai aski kujera kawai ya fito da ita ƙofar shago, ya zauna yana kallon mota har ta sha kwana. Da yamma ya leƙa ya ce, “Maƙwabci, sannu da jiki. Ɗinki nawa aka yi? Ko kai ka ɗinke abinka?”

Daga nan Baba Filasta ya yi rantsuwar ƙarfe ba zai sake kusantar hancinsa ba. Shekara shida ya riƙe wannan rantsuwa. Gashi kuwa bai san da ita ba, kuma shekaru in sun ja, abin da kai ya rasa hanci da kunne ke samu. Na hanci ya sauko ya haɗu da gashin baki, har ba a san iyakar gonar kowa ba. Na kunne ya yi tsiri biyu kamar burushin goge takalmi. Masu kawo ɗinki suka koma kallon silin in yana gwada su. Yayata ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa, da yake ƙanin mata ne, ina da lasisin tsokana.

“Yaya, in an yi iska ba ka jin suna kaɗawa?”

“Kai dai ka biya wa hancinka haraji, ka bar nawa.”

Sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu, ta gama makarantar koyon jinya. Saura sati uku bikin ba da shaida ta same shi a shago, ina zaune. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baba, hoto ɗaya ne ake ɗauka da iyaye. Na Yaya kowa ya zo gidanmu dariya yake yi, har ta daina kawo ƙawayenta falo. Ni ina so in rataya nawa a inda zan yi aiki. Ba na son filasta, ba na kuma son tsintsiya. In ba zai yiwu ba, Kawu ya tsaya a madadinka.”

Kawun ni ne. Na sunkuyar da kai ina duba igiyar takalmina, wanda ba shi da igiya. Baba Filasta kuwa na ga ya ɗinka aljihu a juye, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Wannan yarinya da kuɗin keken nan ya yi mata karatu, tun daga rigar firamare shi ya ɗinka mata har farar rigar asibiti.

Mai hankali da ya taka taku goman nan. Shi sai ya sayo hantsaki, wai ai rantsuwarsa a kan almakashi ce. Ya shige ɗaki ya tumɓuke gashi biyar, kowanne da hawayensa. Kwana uku ƙofar hancin ta yi ja, ta kumbura, ɗan maruru ya fito daga ciki, ko iska ta taɓa sai ya zabura. Auta ta duba da tocila ta dafe kai.

“Baba, wa ya ce ka cire? Duk gashin da ka tumɓuke ƙofa ka buɗe wa ƙwayar cuta, hanci kuwa gidansu ne. Kada ka matse shi, ko da wasa. Marurun wannan wurin ba a wasa da shi.”

Ta sa shi ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta kai shi likita ya rubuta man shafawa. Sai da aka ci kwana goma sha biyu kafin wurin ya warke sarai. Saura kwana huɗu.

Ni ya aika in aro masa almakashin mai aski, wai kada in ce shi ne. Mai aski ya dube ni sama da ƙasa.

“Ka ce wa wanda bai aiko ka ba, almakashina ba ya zuwa unguwa. Hancin ne ke zuwa.”

Washegari da sassafe, kafin layi ya cika, Baba Filasta ya shiga shagon aski a karon farko a rayuwarsa, yana tafe kamar wanda za a karanta wa hukunci. Ya dubi kujerar ya ce fatarta ta yage, ɗinkin ma na 'yan koyo ne.

“Zauna dai, sarkin almakashi. Ungo, fyace hancinka, ka goge ya bushe. Jiƙaƙƙen gashi mannewa yake yi, ba a ganinsa.”

Ya ɗauko wani ɗan almakashi, ya goge shi da auduga da sifirit. Bakinsa a dunƙule yake kamar kan cokali, ba tsini ko kaɗan. Baba Filasta ya karɓa ya jujjuya.

“Wannan ai na 'yan makarantar raino ne. Ko takarda zai yanka?”

“Tsini ne ba shi da shi, kaifi kuwa ya fi naka. Dakusasshe ne ke tauna gashi yana ja. Kwantar da kai. In ka ji atishawa ta taso, ɗaga hannu, kada ka yi mini jarumta.”

Ya kunna fitila, ya sa babban yatsa ya ɗan ɗaga kan hancin sama. Bakin almakashin kaɗai ya shiga, iyakar inda ido ke gani, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Sau biyu hannun Baba Filasta ya tashi, mai aski ya janye, aka yi atishawa, aka ci gaba. Ko minti biyu ba a yi ba ya miƙa masa madubi.

Baba Filasta ya ɗaga hanci ya leƙa. “Ka bar saura a ciki. Aikin ha'inci! Ni in na yanke zare daga gindi nake yankewa.”

“Mun gani ai, hoton yana nan a falonka. Na cikin nan shi ke tare maka ƙurar yadin da kake shaƙa tun safe. In na bi shi har fata, kwana biyu zai tsiro da kaifi yana sukar ka, ka dinga sosa hanci a gaban jama'a kamar mai neman abin da ya ɓata. Kai in ka yanka riga ba ka barin rara a gefen ɗinki?”

Baba Filasta ya mayar masa da madubin.

Kunne kuwa da ɗan ƙaramin inji mai aski ya bi shi. Ya karkatar masa da kai ta gefen da yake yi, don guntayen gashi su zubo waje kada su faɗa ciki. Ya ja fatar kunnen ta miƙe, ya kwantar da bakin injin a kanta, ya bi gefen a hankali yana tunkarar inda gashin ya kwanta, sannan ya shafa da yatsa. Inda ya ji ƙaiƙayi ya koma.

“Nan waje ne, kowa na gani, nan ake sharewa tas. Ramin kuwa daga bakinsa nake tsayawa. Abin da ke ciki ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Na ga ka da tsinken ashana, ka daina.”

Ya goge da tsumma mai ɗanshi, ya kakkaɓe masa kafaɗa. Baba Filasta ya miƙe ya daɗe a gaban madubi, yana juya kai hagu da dama. Godiyar da ya yi ita ce, “Labulen shagon nan abin kunya ne. Aiko shi in yi masa baki.”

Hoton Auta ya fito. Uban yana hagu, ya ɗan ɗaga haɓa sama fiye da yadda ake bukata, yadda duk mai shakka zai leƙa ya tabbatar. Ta rataya ɗaya a wurin aikinta, ɗaya a falo kusa da na yayarta. Yanzu duk sati biyu yana taka taku goman nan, ya zauna ya zagi kujera, a zagi hancinsa, ya fito. Har yau bai yarda aski sana'a ba ce, yana dai cewa mutumin yana da ɗan hannu.

Kwanan baya muna falo ni da mai aski, wanda yanzu har ruwa ake kawo masa a gidan. Na nuna hotunan biyu na ce, “Yaya, ga aikin gwani, ga aikin akuya. Wanne ne wanne?”

Ya dube mu ta saman tabarau, ya ci gaba da zura zare a allura.

“Ku yi dariyarku. Shekara arba'in ina riƙe da almakashi, abu ɗaya tak na taɓa yankawa ba daidai ba. Shi ma nawa ne, ba na mai kawo ɗinki ba.”