Katunan Malama Yi-maza

Ƙanwata ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa ɓoye haka ba. Idan ta yi wa yaro tambaya, kafin ya buɗe baki ta ce, "Yi maza." Sunan da ya bi ta ke nan a makarantar firamaren da muka koyar tare, ni a aji uku, ita a aji ɗaya. Ajin nan shi ne rayuwarta. Ta sha cewa gara a kore ta da a raba ta da ƙananan yara.

Da hannunta ta zana katunan koyar da tilo da jam'i a kan kwali: kaza ɗaya a wannan, kaji a wancan, haka kujera da kujeru, akuya da awaki. Tana ɗaga kati aji zai amsa, "Wannan kaza ce," ta ɗaga wani su ce, "Waɗannan kaji ne." Ba su taɓa kuskure ba, tana kuwa taƙama da haka.

Ranar da sufeto ya zo, hedimasta ya faɗa mana cewa duk ajin da bai gamsar ba za a canja malaminsa. Ya sa ni zama a bayan ajinta. Ta yi ta ɗaga katuna, yara suna amsawa kamar kwanon rufin zai tashi. Sai sufeto ya miƙa hannu ya karɓi katunan, ya ɗaga mai akuya ɗaya tak da hannun hagu.

"Waɗannan awaki ne," in ji aji baki ɗaya.

Ya sake da kujera ɗaya, suka ce kujeru. Sai ya koma kan katin akuya. Ya tambayi wata yarinya akuya nawa take gani, ta ce ɗaya. Ya ce to me ya sa ta ce awaki?

"Ai hagu na masu yawa ne, Malam."

Ashe don sauri, kullum tilo yana hannun damanta, jam'i a hagu. Yaran hannu suke kallo, ba hoto ba. Ta roƙi a ba ta zuwa ƙarshen zango ta gyara, sufeto ya ƙi. Aka mayar da ita aji biyar, a can ta ƙare aikinta.

A hanyar gida ta ce, "Yaya, an zalunce ni ko?" Na ce mata a'a. Ta daɗe ba ta gaishe ni ba.

Ranar da sabuwar malama ta karɓi aji ɗaya, ƙanwata ta kai mata katunan a leda, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce mata:

"'Yata, don Allah kar ki riƙe su a hannu. Ki gauraya su a kan tebur, kowane yaro ya ɗauki ɗaya, ya ƙirga abin da ya gani, sannan ya faɗi jimlarsa shi kaɗai."