Malama Babba Ta Sauko Ƙasa

Shekara goma sha tara Malama Babba ta yi tana shugabantar makarantar firamare, kuma a duk tsawon nan ba ta taɓa neman lasifika ba. In ta tsaya a bakin ofis ta ce a yi shiru, har mai gadi gyara tsayuwa yake yi. To, muryar nan ce ta fara gudunta. Da safe takan fito garau, kafin azahar ta dishe, in ta koma gida sai raɗa da nuni da hannu. Likitan maƙogwaro ya leƙa, ya sake leƙawa, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: ko ta bar aikin ɗaga murya, ko muryar ta tafi ta bar ta.

Ba ta zauna jimami ba, don ba halinta ba ne. Dama abin da ta fi so a makarantar shi ne rajista da fayil-fayil, ta jera su ta yi ta kallo kamar wadda ta shuka lambu. Sai ta shiga kwas na adana bayanan marasa lafiya a ranakun hutu, ta fito da satifiket, ta nufi wani kamfani da ke nema wa asibitoci da ofisoshi ma'aikata.

Kuskuren daga gida ta tafi da shi, kuma Yayanta ne ya ƙulla mata. Tsohon ma'aikaci ne, mutumin kirki, amma irin waɗanda ke ganin muƙami kamar tsani ne da ba a saukowa. Shi ya gyara mata takardar tarihin aiki, ya cika ta da shugabanci tun daga layin farko, ya kuma ja mata kunne.

"Kar ki kuskura ki rage wa kanki daraja. In suka tambaya, ki ce shugabar sashe, ko a bari."

Haka kuwa ta rubuta a fom, a gurbin matakin aikin da take nema. Jami'ar da ta karɓe ta, wata mai gilashi da ba ta wuce sa'ar 'yarta ta fari ba, ta shigar da abin yadda aka ba ta. Sau biyu ta tura sunanta neman shugabar sashen bayanai, sau biyu amsa ɗaya ta dawo: ba ta taɓa aiki a asibiti ba. Wata uku suka shuɗe. Zangon karatu ya kusa ƙarewa, in ba ta miƙa takardar barin aiki ba, wata shekarar ihu ce ke jiranta.

Abin ya ci mata rai, har ta fara ƙullatar mai gilashin. Maigidanta, mai gyaran keken ɗinki ne kuma ba ya gaggawar magana, yana goge wani ƙarfe ya tambaye ta ko ta taɓa gaya wa yarinyar nan abin da take so.

"Ai ta san aikinta," in ji Malama da 'yar guntuwar muryarta.

"Ta san aikinta, amma ba ta san cikinki ba, ranki ya daɗe. Ni ko keke aka kawo min sai an gaya min inda yake ciwo."

Ta harare shi, don ta san ya fi ta gaskiya. Washegari ta nemi ganin jami'ar.

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, da fanka mai juya kai tana ɗaga kusurwar takardu. Malama ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Wallahi, ta fuskanci fusatattun iyaye da sufetoci ba ta ji ɗar ba, amma 'yar jimlar da ta zo faɗa sai da ta yi mata nauyi.

"'Yata, zuwa na yi in gyara magana. Abin da na rubuta a fom ba shi ne a raina ba. Ba sai shugabanci ba. In akwai aikin ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin fayil, ina so."

Jami'ar ta ajiye biro. "Mama, irin wannan gurbin ya wuce ta hannuna har sau uku. Ban sa ki ba."

"Me ya sa?"

"Ba ki ce ba. Ba na tura mutum ƙasa da matakin da ya nema sai ya faɗa da bakinsa, wasu zagi suke ɗaukarsa. Kuma asibitoci ne ke ba mu aikin nemowa. Abin da suke tsoro shi ne babba irinki ta karɓa don ta rasa na yi, bayan wata biyu ta gudu. In haka ta faru, ni za a tuhuma."

Daga nan ta yi mata tambayoyi ba sassauci. Ta san albashin bai kai nata na yanzu ba? Ta sani, sun zauna da Maigida sun ga za su iya. Za ta iya karɓar umarni daga wanda ta haifa? Malama ta ce ta sha koyon kwamfuta a hannun malaman da ita ta ɗauka aiki, kuma ba ta mutu ba. To, me ya sa wannan fanni? Nan ta yi bayanin kwas ɗin, da yadda ta riƙe bayanan yara ɗari bakwai ba a taɓa neman na wani an rasa ba, da sirrin gidajen mutane da ta sani ba ta taɓa fitarwa ba. Ta faɗi zancen muryar ma, ba don an tambaye ta ba.

"Wannan shi za ki faɗa a intabiyu, Mama, kamar yadda kika faɗa min. Ki fara da abin da ya jawo ki, ba abin da ya koro ki ba."

Suka sake takardar tare. Satifiket ya hau sama, riƙon rajista da tsare sirri suka biyo, shugabancin ya koma layi biyu a ƙasa. Da Yaya ya gani sai da ya cire tabarau ya ce an yi wa takardarsa aski. Ya yi fushi na mako guda, sannan da wani asibiti ya kira ta, shi ne ya kai ta intabiyu da motarsa, yana mita tun daga gida har ƙofar asibitin.

Aka ɗauke ta, da gwajin wata uku. Ɗakin fayil yana ƙarshen baranda, da sanyi, da ƙamshin takarda, kantoci har rufi. A makon farko ta zaro fayil ta aika sashen ƙashi ba ta saka katin da ke nuna inda ya tafi ba, aka yi rabin awa ana nema. Shugabanta, mai shekara talatin da 'yan kai, ya zo yana ta kame-kame, ya rasa ta inda zai fara yi wa sa'ar uwarsa faɗa.

"Yallaɓai, faɗa min kai tsaye. Laifina ne," ta ce. Ya faɗa, ta ji zafi kam, ba ta kuma sakewa ba.

Tana jin daɗin aikin, gaskiya. Wani lokaci takan yi kewar hayaniyar yara da safe, takan kuma kama kanta tana shirin tsawata wa masu surutu a layin karɓar kati, sai ta tuna ba huruminta ba ne ta ja bakinta. Yini guda ba ta yin maganar da ta wuce a ƙirga.

Wata Asabar da la'asar, bayan an tabbatar da ita a aikin, ta fito tsakar gida ta tarar Maigida ya baje kan keken ɗinki mai baƙin mai a kan sabon zanen teburinta. Shi kuwa yana can bakin ƙofar waje yana hira. Ba ta san sanda ta ƙwala masa kira ba, kira ɗaya, har tattabarun maƙwabta suka tashi.

Ya shigo da sauri, ya tsaya yana kallonta, ko zanen bai duba ba.

"Me kake kallo? Dubi abin da ka yi min!"

"Na gani, zan wanke," ya ce, idonsa ya ciko. "Bari in koma waje ki sake kirana."