Ɗinkin Bakin Buhu

Da na bar aikin koyarwa a lakkwal, makarantar boko, inda ake kirana Mushe, wato malam, na komo gida Tessaoua, zaman banza ya ishe ni, sai na riƙa zama shagon yayana a kasuwa. Irin shuka yake sayarwa da taki da buhunan ajiyar wake, waɗannan masu leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya sani, har yau ban warke ba. Shi kuwa Yaya, ko tabarmar da yake zaune a kai ka ja, sai ya tambaye ka ko kana son matashin ma.

Wata ranar kasuwa da bazara, kafin azahar, amalanke ta tsaya ƙofar shago. Wani dattijo ne daga wajen Hawandawaki, manomin wake, wanda ya fi shekara ashirin yana sayayya wurin Yaya. Duk abin da ya saya, mutanen ƙauyensu shi suke saya. Bai yi sallama ba. Ya sa aka sauke buhu guda a gaban jama'a, ya zare wuƙa ya tsarge cikin buhun. Wake ya zubo duk huji, da gari, ƙwari suna ta yawo a kai.

Ya ce, "Alhaji, ga buhunka. An ce mini ba magani, ba ƙwari, har damina. Uku na saya, uku na cika. Ashe da furfurarka kana ƙarya?"

Wallahi jinina ya hau. Idona ya riga ya kai bakin buhun, na ga an ɗinke shi da basilla da igiya, ɗinki mai kyau, ya ratsa buhun waje da ledojin biyu gaba ɗaya. Buhun nan kuwa duk amfaninsa shi ne iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su rasa numfashi su mutu. Wanda ya huda shi ya kashe shi. Na buɗe baki zan faɗi haka da ƙarfi, kowa ya ji wanda ya yi wautar. Yaya ya ɗora hannu a gwiwata ya danna, na haɗiye maganata da ƙyar.

Ya miƙe ya ce, "Baba, sannu da hanya. Faɗi duka, ina ji."

Dattijon ya faɗi duka kuwa. Ya ce waken nan ya hana kansa sayarwa da kaka, lokacin da kowa ke zubarwa da araha. Ya ce a ciki zai fidda irin bana. Abin da ya fi ci mishi rai, shi ya yi ta yabon buhun a majalisa har wasu suka ce za su gwada, yanzu da wane ido zai dube su? Yaya bai katse shi ko sau ɗaya ba. Da ya ga numfashin tsohon ya fara sauka, ya ce, "Wahalar shekara guda ce a ƙasa, dole ranka ya ɓaci. Ni ma nawa ya ɓaci. Mu shiga daga ciki mu duba tare, rana ta yi zafi."

Aka ja buhun bayan shago inda ba idon mutane, aka kawo ruwan randa. Yaya ya tambaye shi ko waken ya bushe sosai kafin a zuba, ya ce ƙarau. Ko ɓera ya taɓa buhun, ya ce a kan katako ya jera su. Sannan Yaya ya ce, "Ranar da ka saya, an nuna maka yadda ake ɗaure bakin?"

Dattijon ya ce, "Wane ɗauri? Buhu ai ɗinke shi ake yi."

Nan na tuna. Ni na sayar mishi. Da kaka ne, Yaya ya tafi jana'iza, shago ya cika, na miƙa mishi buhu uku na ce ba magani, ba ƙwari, na juya ga na bayansa. Tsohon ya dube ni, ya san ni ne, ni ma na san ya sani. Yaya bai ko waiwaye ni ba.

Ya ce, "To laifin daga shagon nan ya fara, Baba. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma rabinta aka ba ka. Ka yi haƙuri."

Ya warware ɗinkin, ya zaro ledar ciki, ya tattara wajen bakin ya kama iska a ciki kamar balan-balan, ya ce wa dattijon ya kawo kuncinsa. Yaya ya matsa ledar. Iska ta fito ta hujin basilla ta busa gemun tsohon. Tsohon ya sa yatsa yana bin hujin ɗaya bayan ɗaya. Na ga kunya ta rufe shi, irin kunyar babba da ya zagi mutum a kasuwa.

Yaya bai bar shi cikinta ba. Ya ce, "Ɗinkin nan ko ni ba zan iya irinsa ba. Tun kakanni haka ake rufe buhu, wanda ba a gaya wa ba haka zai yi." Ya ɗauko sabo, ya zuba tiya biyu ta wake, ya nuna mishi: a matse iska, a murɗe bakin ledar farko, a lanƙwasa, a ɗaure, ta biyu ita ma daban, na waje daban. Ya kwance, ya ce tsohon ya yi da hannunsa. Sai a karo na uku ɗaurin ya zauna.

Bai ce zai biya waken ba, bai kuma yi alkawarin wanda ya huje zai dawo ba. Ya ba shi sababbin buhuna uku, ya ce sauran biyun da ke gida a buɗe su yau, a tankaɗe, a shanya a rana mai zafi, a tsince mai kyau a sake rufewa, na iri a ware shi daban. Ya ce gobe zai turo wanda zai taya shi. Sai a lokacin ya dube ni.

Da tsohon zai hau amalanke, mutanen ɗazu suna nan suna jiran ƙarshen rigima. Ya tsaya ya ce da murya sama, "Alhaji bai yi mini ƙarya ba. Na janye." Yaya ya ce, "Baba, a gaida gida."

Bayan sun tafi na ce, "Yaya, ni ne." Ya ce, "Na sani, Mushe. Shekara nawa kana koya wa ƴaƴan mutane karatu, ɗaurin buhu guda ya gagare ka koyarwa." Ya faɗa yana dariya, amma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na hau babur na bi yashin hanyar Hawandawaki, na wuni ina tankaɗen wake. Abin da muka tsirar bai kai buhu ɗaya da rabi ba, amma irin ya samu.

Da kaka ta zagayo, dattijon ya dawo da mutum huɗu daga ƙauyensu. Ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa. Na ɗauko buhu zan fara nuna musu, ya karɓe daga hannuna ya ce, "Bari, Mushe, na riga na koya musu." Sannan ya laluba aljihu ya fiddo basillar nan ya ajiye gaban Yaya.

Ya ce, "Riƙe mini ita, Alhaji. Hannu ya saba, ban yarda da shi ba."

Yaya ya rataye ta a ƙusa saman buhunan, daidai inda nake miƙa hannu in ɗauko. Tana nan har yau.