Leda Biyu a Kan Madacin Malama Risikat

Bangon da ya raba gidan su Ujunwa da na Malama Risikat bulo ɗaya ne. Ko tari aka yi can sai an ji a nan. Ran wata Asabar da la'asar, Ujunwa na zaune tana gyaran alayyafo, sai ta ji muryar Waliu, ɗan Malama da ya zo daga Ilori, ta yi sama.

"Mama, kan itacen nan ya mutu! In reshe ya rufto wa mutane a kwano, wa za a kama?"

"Kai likitan haƙori ne ko na itace?"

"Kullum da shi kike fakewa. Na ce ki taho mu tafi, kin ce wa zai kula da madaci. To a sare shi, mu huta."

"A sare ka dai."

Ujunwa ta aje wuƙar. Kwanon da ake magana nasu ne, amma ba shi ya faɗar mata da gaba ba.

A Fagge aka haifi Malama Risikat. Ubanta ɗan Ogbomosho ne mai sayar da kwanukan abinci, ita kuwa Hausa ta fara ji kafin Yarabanci, har tsufanta in ta fusata da Hausa take faɗa. Ta yi fiye da shekara talatin tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata. Aure ne ya tsallako da ita Sabon Gari, gidan Alhaji Moshood mai gyaran injin jan ruwa, inda ta tarar da madacin bai fi tsayin soro ba. Yanzu daga Titin Ibrahim Taiwo, in mutum ya san inda zai duba, yana hango kansa.

A kan itacen nan miji da mata suka yi gardamar da ta fi daɗewa a aurensu. Alhaji Moshood ya ce shi ya tsufa a bakin rijiya: duk ƙarfin injin da aka kafa a sama, ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce ƙafa talatin da 'yan kai. Madacin nan kuwa ya ninka haka. Saboda haka dole akwai abin da ke turo ruwan daga saiwa.

"Injinka nauyin iska ne ke turo masa ruwa, Alhaji, iyakar ƙarfin iskar ke nan," in ji ta. "Itace daga sama yake ja."

"Da wane hannun?"

"Da rana."

Har ya rasu bai taɓa yarda ba. Ujunwa tana yarinya ta sha leƙowa ta ga dattijon ya manna kunne a jikin itacen, wai yana sauraron inji, Malama kuma na tsaye da kofin shayinsa tana tambaya ko a kawo masa sifana. Sai da ta girma ta gane cewa mutumin ba neman gaskiya yake ba. So yake matarsa ta sake yi masa bayani, ya kalle ta tana yi.

Bayanin kuwa Ujunwa ta san shi, don ta zauna a ajin Malama. Malama takan tashi 'yan aji duka, su riƙe hannun juna tun daga bayan aji har bakin ƙofa. Ta ce kowacce ƙwayar ruwa ce, layin da suke ciki kuma ɗaya ne daga siraran bututan da ke cikin itace, masu kaurin gashin kai ko ƙasa da haka, tun daga saiwa har ganye. A jikin ganye akwai 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Rana ta yi zafi, ruwa ya fita ta nan ya bi iska. Sai ta finciko ta gaba waje, layin duka ya motsa, har ta can ƙarshe ta yi tuntuɓe.

"Kun gani? Ruwa yana riƙe ɗan'uwansa, yana kuma riƙe jikin bututun. Wanda ya fita ya ja na bayansa, har ƙasa. Igiya ce. Ke Ujunwa, wa ya ce ki saki hannu? To ga iska ta shiga, igiya ta tsinke. Na sama su yi ta ja, babu mai zuwa."

Ujunwa ba ta ci jarrabawar kirki ba. A Kasuwar Singa ta ƙare, tana sayar da taliya da man gyaɗa. Amma tun da uwarta ta rasu, da safe ƙarar butar alwalar Malama ke gaya mata gari ya waye, kuma Malama ce ta zauna da ita a asibiti ranar haihuwarta ta fari.

A bara aka zo haƙa kwalbati a layin, aka datse manyan saiwoyin madacin na ɓangaren titi. Da bazara ta kama, ganyen can ƙololuwa suka yi yaushi, suka naɗe, ba su zube ba, ba su kuma farfaɗo ba.

Ran Asabar ɗin nan, bayan sallar magariba, Malama ta buga bango da muciya, alamar kira ke nan. Ujunwa ta je da mijinta Onyedika, wanda sana'arsa sassabe rassa ce, da igiya da zarto. Malama ta miƙa masa farar leda biyu.

"Gobe da sassafe ka hau. Ɗaya ka ɗaure ta a kan ganyen can sama, ɗaya a na tsakiya, ka matse bakin. In ganye na ja, ledar za ta tara ruwa kafin azahar." Ta juya ga ɗanta. "In ta sama ta sauko a bushe, na bi ka Ilori. In da ruwa, ka koma wa haƙoranka."

"Kin yarda, Mama? Gaban shaidu?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

Washegari kafin su tafi coci Onyedika ya hau ya ɗaure. Da suka dawo, yana ɗaura igiya a ƙugu zai sake hawa, Ujunwa ta tura masa ledar ruwan fiya-wata guda a aljihu.

"Ɗan kaɗan za ka zuba a ta saman."

"Uju, tsohuwar nan fa ba kwastomarki ba ce."

"Ka zuba dai. Ilori za ta kashe ta. Ba ta san kowa ba can."

Haka ta faɗa, haka kuma ta so ta yarda. Amma tana tsaye tana kallon mijinta yana ɓacewa cikin rassa, ta san Malama na da jikoki a Ilori, da ƙanwa, da ɗan da ke kiran waya sau biyu a rana. Wadda ba ta da kowa sai a bayan bango ita Ujunwa ce.

Onyedika ya yanko rassan biyu da ledojinsu, ya zuro su da igiya. Malama ta sa tabarau ta fara ɗaga ta tsakiyar. Ledar ta yi gumi ta ko'ina, ɗigo-ɗigo, har ba a ganin ganyen ciki sosai. Ta yi murmushi kamar ta ga jariri. Sannan ta ɗaga ta saman. Jikinta garau, ruwa kuma kwance a gindi, kusan cokali uku.

Waliu ya gani. Kafaɗunsa suka sauka, ya zauna a kan turmi. "Shi ke nan, Mama. Kin ci." Ya shafa fuska. "Ni dai kullum waya ta yi ƙara da asuba, sai na ce an kira ne a gaya mini kin faɗi a banɗaki babu kowa."

Malama ta daɗe tana kallonsa. Ta kwance ledar, ta murza ganye ɗaya, ya ruguje a yatsunta. Ba ta dubi Ujunwa ba.

"Wannan ruwan ba ta ganye ya fito ba. Wanda ganye ya fitar tururi ne, sai ya lulluɓe leda kamar waccan. Wannan daga wani wuri ya zo, Allah ya yi wa inda ya fito albarka. Saman ya mutu, Waliu. Saiwa ta ragu, rana na ja, can sama kuma jan ya fi tsanani, har iska ta kutsa cikin bututan. Ko tanka guda ka juye a gindi, ba zai hau can ba."

"To Mama..."

"To na bi ka. Amma itace ba za a sare ba. Ka ga tsakiyarsa na sha. Onyedika zai sauke mataccen, kwanonsu ya tsira. Sauran zai yi sabon nama da sababbin bututai in damina ta sauka."

Onyedika ya sunkuyar da kai yana naɗe igiya. Ujunwa ta kau da kai, ta hau tattara ledojin.

Sai da ake haɗa kaya a makon, tana naɗe wa Malama zannuwa, abin ya faɗo mata. Matar da ta koyar da wannan darasi shekara da shekaru ba ta buƙatar leda ta gaya mata reshe ya mutu. Daga ƙasa ta gani tun watan jiya. Akwatunan ma a share suke, an goge ƙurarsu tun kafin Waliu ya zo. Ashe tsohuwar ta gaji da kwana ita kaɗai, bakinta ne ya kasa ce wa ɗanta "to". Kuma da ta tafi haka kawai, da an kira mai sara a bayanta.

"Malama, kin sani tun farko," in ji Ujunwa.

"Naɗe zanen nan da kyau, kin karkace shi."

"Da na ɓata miki shiri."

"Da kin ɓata. Ke dai ba ki taɓa iya satar amsa ba." Ta kama kan Ujunwa ta jawo shi jikinta, ta bar shi nan har ƙanshin man zafin da take shafawa a gwiwa ya cika mata hanci.

Ranar tafiya madacin ya zama gajere, da faffaɗan kai kamar wanda aka yi wa aski da gaggawa. Waliu na cikin mota yana ta danna ham a waje. Malama ta fito da sandarta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta damƙa wa Ujunwa mukulli.

"Kada ki zuba masa ruwa a jikin gindi, ba nan yake sha ba. Can wajen bangonku za ki zuba, da yamma. Saiwoyin da suka rage duk a ƙarƙashin ɗakinki suke."