Idon Inna

Inna ta yi rayuwarta tana koyar da lissafi a sakandare. Da ta yi ritaya, iyayen unguwa suka riƙa turo mata tambayoyin 'ya'yansu ta waya. Wannan aikin ne ke tashinta da safe.

Wata rana jikarta ta turo hoton wata tsohuwar tambayar jarrabawa. Hoton a karkace yake, ya yi dishi-dishi, layin ƙarshe kuma ya yanke.

Inna ta kira ta. "Na gane zanen. Amma lambar gefensa, ban san uku ce ko takwas ba, kuma abin da ake nema bai fito ba. Shimfiɗa takardar a haske ki sake ɗauka. In na cinka, zan iya ɓatar da ke."

Yarinyar ba ta sake ɗauka ba. Ta gaya wa babanta cewa Inna ta daina gani, maganar ta zaga unguwa.

Ɗan Inna ya kai ta asibiti, likita ya ce idonta garau. Wannan labarin bai zaga ba.

Yanzu wayar tana kan tebur, kullum cike da caji, ba mai turo komai.