Gidan da na tara wa kuɗi a Farlomi

Ni dai tun ina yaro lissafina bai wuce yatsun hannu ba, amma a haka na ɗauki kaina na ce zan yi wa ɗan canji wayo. Har yau in na tuna sai in yi wa kaina tsaki.

Zamanin Turawa ne. Gidanmu yana gangare, kusa da kogin Haɗeja, kowace damina ruwa sai ya shigo ya gaishe mu har cikin ɗaki. Shekarar da bangon ɗakin Inna ya zauna, na rantse mata zan saya mata gida a kan tudu, inda ba za ta ƙara ɗora tabarma a kan turmi ba. Na bi fatake zuwa Farlomi, can gabas, ƙasar da Faransa ke mulka, na kama dakon bandar kifi a bakin ruwa.

Yayana ya aiko da saƙo ta bakin fataken cewa akwai gida cikin gari, zaure da ɗaki huɗu, rufin azara, fam sittin. A can kuwa tamma ake biyanmu, kuɗin Faransa. Duk wata ina ware abin da ya samu in ba maigidan da ya sauke ni ajiya.

Akwai wani Babarbare mai canji a bakin kasuwa. Kullum in zan wuce sai ya ce, "Ɗan Haɗeja, kawo takardun nan in mayar maka fam, ka aika gida."

"Ka ci lada a kaina duk wata? Sai sun cika zan zo, ka yanke ni sau ɗaya."

"Ai ko sau ɗaya ko sau goma, ladan a kan kowane fam yake, sakarai."

Ban gane ba, ban kuma so in gane ba. Gaskiyar magana, ina son jin adadin. A tamma kuɗina dubbai ne, a fam kuwa ko ashirin ba su kai ba. Mai dako ya ji an ce yana da dubbai, wa zai raba shi da su?

Da na lissafa na ga na kai fam arba'in, sai wata safiya kasuwa ta rikice. Aka ce an karya darajar kuɗin Faransa. A ina? A can ƙasarsu. Wa ya karya? Ba wanda ya taɓa ganinsa. Na ruga wurin maigida, ya fito da ƙunshina, ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba. Na kai wa Babarbare, ya ƙirga, ya ce fam talatin da 'yan suloli.

Na ce, "Sauran fa?"

Ya ce, "Je ka tambayi Bafaranshe."

Da ɓarawo ne ya ɗauka, da na san wanda zan bi da sanda. Na zauna a kan buhun kifi ina juya takardu, suna nan sababbi ƙal kamar jiya.

Daga nan komai ya bi. Atamfa da goro da ake shigo da su daga wajenmu suka yi tsada, ladan dako bai motsa ba, abin da nake warewa ya ragu. Sai ga saƙon Yaya: kuɗin gyaɗa ya shigo gari, mai gidan da za mu saya ya ce yanzu sai fam tamanin. Na aika a nemo mai ɗaki biyu. Kafin amsa ta dawo, 'yan canji sun ƙara matse hannu, don kowa fam yake nema. Na fara canjawa duk wata kamar yadda aka gaya mini tun farko, amma abin da ya tafi ya tafi. Saƙo na gaba, Yaya ya ce a bar zancen gida, akwai fili a gefen tudu. In jira tamma ta farfaɗo? Babu wanda ya san ranar. In saya? Fili ba ya tare ruwan sama. Inna kuma tsufa take yi.

Na tattara na taho, mota zuwa Nguru, jirgin ƙasa zuwa Malam Madori. Muka sayi filin, abin da ya rage ya yi tubali da azarar ɗaki ɗaya tak. Duk shekarun nan Yaya bai taɓa gaya wa Inna abin ya canja ba, ni ma da na dawo na bar ta da zancen zaure da ɗaki huɗu.

Ranar da muka kai ta, ta shiga tana dogara sanda, ta shafa bango, ta ɗaga kai ta dubi azara, ta sa mini albarka. Sannan ta waiwaya tana neman wata ƙofa.

"Zauren ya yi kyau, ɗan nan. Ta ina ake shiga cikin gidan?"